Kawun da Ya Zo Sau Ɗaya

Tun ranar da aka nuna Malam a talabijin, Iya ba ta ƙara ganin mijinta cikin rigar zaman gida ba. Da safe sai ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya ɗora hula, ya jawo kujera bakin ƙofa ya ajiye waya a cinya. In ta ce ya shigo inuwa sai ya ce, "Bari dai, kada motar ta zo ba ta gan ni ba."

Malam tsohon ɗan wasan kwaikwayo ne. A zamaninsa ko kasuwa ya shiga sai yara sun bi shi, amma an daɗe da mantawa da shi. Kwatsam masu wani shiri mai dogon zango suka aiko masa da mota, ya je ya fito a matsayin kawun wasu 'yan'uwa biyu masu rigima kan gidan gado. Ya yi musu faɗa, ya sa su kuka, ya sasanta su, ya shiga mota ya tafi. Unguwa duk ta gani. Daga nan shiru, ko gaisuwa. Mako na bin mako, tsoho na ramewa a bakin ƙofa. Wannan in ba wulaƙanci ba mene ne?

Ranar da ta tarar da shi yana gyangyaɗi a rana, wayar ta faɗi ƙasa, Iya ta yafa mayafi ta hau mota ba ta gaya wa kowa ba.

Wurin ɗaukar shirin wani ƙaton ɗaki ne mai zafi, igiyoyin wuta ko'ina a ƙasa. Falon da take gani a talabijin ashe bango uku gare shi, ba rufi. Ta tsallake igiyoyin ta tsaya gaban wani mai ƙaramin gemu da kowa ke cewa darakta.

"Kai ne ka kori mijina?"

"Sannu da zuwa, Iya. Wane ne mijin naki?"

"Au, har ka manta? Kawu! Wanda ya sa uwarka ma kuka in tana kallo!"

Masu riƙe da fitilu suka ƙunshe dariya. Daraktan ya ce a huta, ya ba ta kujerarsa.

"Iya, ba a kori Baba ba. Baƙo muka gayyace shi, babban baƙo."

"Baƙo a ina? Kawun gida ne! Mai kanti da ba ya faɗin komai sai 'babu canji' kullum ina ganinsa. Shi ya fi mijina iya wasa?"

"Ko kusa. Amma mai kanti ɗan gida ne. Ba shi ne jarumi ba, ba kowane kashi yake fitowa ba, sai dai kantinsa yana cikin labarin. Duk sanda wani zai sayi abu ko zai yi gulma, can za shi, dole mu kira shi. Baba kuwa kashi guda aka gina a kansa. Rigimar gadon don shi aka rubuta ta, ya zo ya kashe ta, labarinsa ya rufe. Shi ya sa sunansa ya fito shi kaɗai a farko, na mai kanti yana can ƙarshe cikin jerin mutane."

"Ni karatu na yi da zan san inda suna ya fito? Wato kamar shahararren ɗan ƙwallon nan da ya taɓa fitowa a shirin, ya sayi ruwa ya wuce."

"A'a, wancan leƙe ne kawai. Fuskarsa muke so a gani a yi ihu. Ki cire shi, labari bai rasa komai ba. Ki cire Baba, 'yan'uwan nan har yau suna kotu."

Ya kira mai kula da sutura, wata doguwar mata da allura a bakin mayafi, suka kai Iya wani lungu. Riguna ne rataye, kowace da alamarta. Matar ta ce ga ta mai kanti, ga ta maƙwabciya, ba mai fita da su, don in mai rigar ya dawo bayan wata biyu dole a gan shi yadda aka bar shi. Ta Baba kuwa ranar da aka gama aka naɗe aka ba shi.

Iya ta tuna ranar da Malam ya dawo gida da ƙunshin. Da ta ga rigar ta ɗauka ta aiki ce, har ta wanke ta goge.

"To ai bai mutu a labarin ba," ta ce. "Mota ya shiga. Motar ba ta juyowa?"

"Tana juyowa. Baƙo kan zama ɗan gida in masu kallo sun so shi, kuma sun so Baba. Mun yi maganar." Ya sosa gemu. "Zo ki ga wani abu."

A wani ƙaramin allo ya nuna mata abin da ba a nuna wa duniya ba. Ga Malam ya ɗaga yatsa zai yi faɗa, sai maganar ta ɓace masa. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Wanda ke fitowa a babban wa ya raɗa masa, aka sake. Malam ya kira ƙaramin da sunan ɗansu shi da Iya da ya rasu, aka sake. Faɗan nan da ya girgiza unguwa, guntu-guntu aka ɗauke shi aka ɗinke.

"Kwana biyu kowa ya yi masa haƙuri da daɗin rai," in ji daraktan. "Ɗan gida kuwa zango guda zai yi yana zuwa, ya wuni ƙarƙashin fitilun nan, ya tuna abin da ya faɗa makonnin baya. Ba na so yaran nan su fara tsaki a bayansa."

Iya ta san wannan dube-duben, a gida ma yana yi in ya nemi sunan jikarsa. Ta goge ido da bakin mayafi, fushin kuma bai tafi ba.

"Duk na ji. Amma wa ya gaya masa? A zamaninsu in an kira ka wasa, kowane mako kana ciki har a daina. Kun tafa masa, kun ce sai an jima, kun bar min tsoho a rana. Tashi mu je ka faɗa masa da bakinka."

"Iya, muna tsakiyar aiki."

"Ni ma aiki na bari."

Ya dubi mutanensa, ya ɗauki makullin mota.

Malam na hango motar ya miƙe yana gyara hula. Daraktan ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa a hankali cewa aikin kawu kashi ɗaya ne, an kuma gama shi, laifinsu ne da ba su bayyana ba. Maganar mantuwa bai taɓo ta ba, don Iya ta gargaɗe shi tun a hanya.

Tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Yaran nan, sun sake faɗa bayan tafiyata?"

"Ba su sake ba, Baba. Har yanzu in ɗaya ya ɗaga murya sai ɗayan ya ce, ka tuna abin da Kawu ya ce."

"Suna ambatona?"

"Kusan kowane mako."

"To ai shi ke nan, na yi abin da ya kai ni." Ya juyo ga Iya. "Ke kuma me kika je kika yi wa mutane?"

"Gaisuwa na je."

"Na san irin gaisuwarki. Yaro, Allah ya sa ba ta fasa muku komai ba."

"Saura kaɗan, Baba."

Malam ya yi dariya har da tari. Ya cire hular ya miƙa mata, ya ce rana ta yi zafi, a shigar masa da kujerar ciki. Daraktan ya kai hannu zai ɗauka, Iya ta ture hannun ta ɗauka da kanta.