Bugu Ɗaya da Ya Yi Yawa

Wa'adin da Yaya ta ba ni ranar nan zai cika. In DJ bai karɓi kiɗana ya sa a wasansa ba, zan kwashe kwamfuta da sifiku daga ɗakin ajiyarta, in koma sayar da tayil a shagon mijinta. Shekarata talatin da huɗu, ban da bakin musu.

Da hantsi DJ ya saurara a motarsa. Ko minti biyu bai yi ba ya kashe.

"Malam, shimfiɗarka, farkon kiɗan nan, ba ganga. Da me zan haɗa ta da kiɗan da ke gabanta? Ba ni ganga zalla, bugu sittin da huɗu. Sannan hawanka ya fi dirar ƙara. Ka ja mutane har sama, ka sauke su a kan katifa. Ƙarfe huɗu muna gwaji da masu rawa. Ka kawo."

Na koma ɗakin, tsakanin buhunan yadi da fanka mai kuka. Na sa ganga a shimfiɗa. A wurin hawa na zare bes, wato sautin nan mai kauri, gaba ɗaya don kunne ya ji yunwarsa, na rage ƙara, na sa ƙaramar ganga tana ninka gudu. Sai dabara ta zo mini: shirun bugu ɗaya kafin dira, numfashi ya ɗauke.

Yaya ta leƙo. "Autan Inna, injin markaɗen naka bai gama ba?"

"Yaya, don Allah ki yi mini addu'a."

"Kullum ina yi. Ɗakina nake so."

Ƙarfe huɗu saura na isa zauren wasan, wujiga-wujiga. Masu rawa shida suna kan dandamali, shugabarsu tana ƙirga musu takwas-takwas. Shimfiɗa ta shige lafiya lau, DJ ya gyaɗa kai. Hawa ya fara, kafaɗu suka ɗaga, gwiwoyi suka lanƙwashe. Wallahi har ƙwalla na ji.

"Biyar, shida, bakwai, takwas!"

Suka yi tsalle, suka dira a kan shiru. Ƙarar takalmansu kaɗai aka ji. Sai ga bes ɗina ya faɗo a makare, bayan kowa ya riga ya tsaya yana kallon na kusa da shi.

Nan take na gane. Garin gaggawa, maimakon in kashe sautin bugu na ƙarshe, sai na cusa sabon bugu. Takwas ta zama tara.

"Ranka ya daɗe, minti biyu! Bugu ɗaya ne, yanzu zan cire!"

"Mutum goma ke bayanka," in ji DJ, ya miƙo mini filashin da na kawo kiɗan a ciki.

Ya sa kiɗan wani. Ina tsaye da filashi a hannu har aka zo dira, ta faɗo daidai inda ya kamata. Don takaici, ni ma sai da kaina ya gyaɗa.