Kujerar Baya

Farfesa ya dakatar da ita a shafi na shida, ranar gwajin kare kundin digirinta.

"Malama, kundin naki kika juye a majigi gaba ɗaya. In jibi mai jarrabawar da zai zo daga waje bai gane abin da kika gano ba, sai baɗi."

Shekara huɗu tana ɗibar ruwan rijiyoyi tana aunawa. Ta koma gida ba ta ko taɓa abinci ba.

Mijinta mai rubuta allunan shaguna ne, har gindin farcensa fenti. Ya leƙa kwamfutarta.

"Dakta, wannan ai jarida ce."

"Ban zama ba tukuna. Kuma ba allon mai aski ba ne, Baban yara."

"Duka ido ke karanta su. Kai ni ɗakin da za ki yi bayanin."

Washegari da hantsi mai gadi ya buɗe musu zauren. Ta kunna majigi. Shi kuwa ya wuce kujerar baya ya harɗe.

"Ban ga komai ba sai tururuwa. Me shafin nan ke cewa? Numfashi ɗaya."

"Rijiyar da ta fi kusa da juji ta fi ƙwayoyin cuta."

"To ina aka rubuta?"

Yana layi na goma sha ɗaya. A sama kuwa, da manyan baƙaƙe: Sakamako.

"Sakamako ba labari ba ne. Ɗauko wancan ki sa a sama, ya fi kowa girma. Ƙarƙashinsa layi uku. Sauran yana bakinki."

"Sauran nan ai wata takwas ya ci mini!"

"Shi ya sa ba za ki manta ba."

Ta harare shi, ta goge. Sai ya zaunar da mai gadi a teburin gaba, wurin masu jarrabawa. Hular mutumin ta rufe zanen sakamakon, wanda ta matse a kusurwar ƙasa.

"Ga shekara huɗunki a bayan hula."

Dariya ta ƙwace mata har ta dafa tebur. Ta ɗaga zanen sama, ta ba shi fiye da rabin shafi, ta ƙara girman lambobin gefensa. Rubutu ya koma dama. Shafi arba'in suka zama sha takwas.

Ranar kare kundin, mai jarrabawar dattijo ne mai gilashi mai kauri. Tana gamawa ya ce a koma zanen. Ya nuna ɗigo ɗaya da ya fita daga layi.

"Wannan rijiyar tana nesa da juji. Me ya ɓata ta?"

"Ranka ya daɗe, masai aka haƙa kusa da ita."

Minti goma tana bayani, ba ta waiwayi majigin ba.

Da ta fito, mijin na tsaye a baranda, riƙe da wani abu a lulluɓe.

"Sun ce na ci. Gyara kaɗan."

Ya yaye ƙyallen. Ƙaramin allo ne, fentin bai gama bushewa ba: DAKTA.

"Kalma ɗaya tak?"

"Sauran yana bakinki."