Buzuzu da Tocilan Shekari

Shekara ashirin da biyu ina aikin gonar gwaji a Samaru, ban taɓa zaton buzuzu ne zai tona mini asiri ba.

Winifred ɗaliba ce daga Sabon Gari, shekara guda tana bincike a kansa. Ta share fili a bayan garken shanu, ta zuba rairayi. Sai a ajiye buzuzu da dunƙulen kashin shanunsa a tsakiya. Ya hau kan dunƙulen ya juya yana duban sama, ya sauko, kai a ƙasa, ya tura da ƙafafun baya. Hanyarsa a miƙe sambal, don ya yi nisa kafin 'yan'uwansa su ƙwace masa. Wata ne jagoransa. In babu wata, a zaton Winifred, farin layin taurarin da ya ratsa sama yake bi. Abin da take son tabbatarwa ke nan.

Da magariba take komawa gida, ni ke kwana ina zana sawun ƙwarin a takarda. Doka ɗaya ta ba ni: kada a kunna fitila.

To, dundumi ya kama ni tun bara. Rana na faɗuwa, duniya ta rufe mini. Mai aikin dare da ba ya gani, sallama ce makomarsa, shi ya sa na yi gum. Tocila nake kunnawa ina zagaya filin. Ƙwaro mai cin kashi, me ya sani?

Ran Laraba ta baje takardun a gabana. Na daren farin wata da ɗan dama. Na daren duhu kuwa duk sun lanƙwashe.

"Baba Shekari, jibi zan kai wa malamina. Da waɗannan, shekarata ta tafi a banza. Yau zan kwana nan."

Tsoro na ji, ba na wasa ba.

Daren babu wata, babu gajimare. Na zauna, tocilan na aljihu. Ina jin ƙarar ƙafafunsu a rairayi, ina jin ta tana ƙirga.

"Na tara. Shi ma a miƙe." "Baba, in akwai haske kusa, shi suke kamawa su bar sama. Hasken ya gusa, su ma su karkata. Wa ke yawo da haske a nan?"

"Babu kowa, 'yata."

"Shi ke nan. Nuna mini layin da suke bi."

Na ɗaga kai. Baƙi ƙirin, ko tauraro ɗaya ban gani ba. Na miƙa hannu inda na saba ganinsa a da.

Sai na ji yatsunta sun kama hannuna, sun juya shi a hankali zuwa wancan gefen.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun daren farko nake kunna tocila," na ce.