Sakin Layin Da Ya Ɓace

Da Baba Famfo ya san abin da shafi biyun nan za su jawo masa a cikin gidansa, da ya ce hannunsa na ciwo tun ranar da Sakatariya ta kawo masa maganar. Amma ya amsa da murna. Shekara talatin da biyar ya yi a gidan ruwa, kuma al'adar wurin ce duk mai ritaya ya rubuta tarihin aikinsa a mujallar ma'aikata. Sakatariya ta ce kalma ɗari bakwai, kada ya wuce, ya kawo nan da mako uku.

Ya sayi littafin rubutu ya zauna a falo da hantsi, yana jera duk abin da ya tuna, layi ɗaya ɗaya. Kafin azahar ya kai arba'in da ɗaya.

"Shekara talatin da biyar a shafi biyu?" in ji matarsa tana leƙo littafin. "Kai da labarin zuwa kasuwa kaɗai yake cinye maka yini?"

"Ki bar ni, uwar yara. Tacewa zan yi. Aikina ke nan tun kina amarya."

Ya fara da soke abin da kowa ya sani: ƙarin girma, lambar yabo, ranar da aka kawo sabon inji aka ɗauki hoto. Waɗannan suna cikin fayil ɗinsa, ba sai ya ɓata kalma a kansu ba. Ya soke waɗanda ji ya yi a bakin wasu. Ya soke waɗanda suke kama da juna, domin fashewar bututu goma labari ɗaya ne. Sai ya kafa wa kansa doka: ba zai rubuta abin da bai tabbatar da ranarsa a rajistar aiki ba, kuma ba zai ambaci mai rai da suna ba sai ya tambaye shi. Saura huɗu. Ranarsa ta farko a aiki, da tsohon shugabansa ya sa shi ya sha ruwan da ya tace a gaban kowa. Shekarar da laka ta toshe matatar yashi suka kwashe ta da shebur. Ranar da ya koya wa mace ta farko a wurin auna alam, sinadarin da ke kwantar da dauɗar ruwa. Sai ta huɗu, wadda ya yi wa zobe da biro har takardar ta kusa hujewa.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, injin zuba kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya tsaya. Su biyu ne a aiki, shi da Dogo. Dogo ya fita wata sabga tasa, Baba Famfo ya sa masa hannu a rajista kamar yadda suka saba yi wa juna. Da ya ɗebo ruwa ya gwada, bai canza launi ba ko kaɗan, alamar babu kulorin a ciki. Ga shi babu wanda zai yi shawara da shi. Ya rufe babban bawul mai sakin ruwa zuwa gari, gari ya wuni babu ruwa, aka ba shi takardar tuhuma, bai kuma taɓa faɗin cewa duba injin aikin Dogo ne ba. A duk shekarun nan, ranar ce kaɗai ya yanke hukunci shi ɗaya.

Matsalar ita ce Dogo shi ne Manaja yanzu. Kuma babban ɗan Baba Famfo, wanda ake kira Injiniya, yana wata na tara a wurin, yana jiran Manaja ya sa hannu a tabbatar masa da aiki.

Ya je sito neman rajistar shekarar. Mai sito ya daɗe yana lalube kafin ya sauko da ita.

"Ikon Allah," in ji mai sito yana kaɗe ta. "Shekara ashirin ba wanda ya taɓa ta, yau mako guda ke nan mutum biyu."

"Wa ya riga ni?"

"Daga ofis aka aiko, Baba. Ni dai ɗauka nake in mayar."

Shafin yana nan. Ga ranar, ga ƙarfe goma sha ɗaya da kwata, ga sa hannun mutum biyu da biro ɗaya, rubutu iri ɗaya. Ya kwafi lokacin. Yana fitowa ya ci karo da Manaja a baranda, wanda rabonsa da tsayawa gaisawa da shi ya fi shekara.

"Tsohon soja! An ce ka zama marubuci. Kada dai ka tona mana asiri."

"Wane asiri gare mu, ranka ya daɗe, ban da ruwa?"

Manaja ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Yaron nan naka yana da ƙoƙari. Ina lura da shi sosai."

Baba Famfo ya tafi gida yana juya maganar. Yabo ne, ko jan kunne? Wa ya gaya wa ofis abin da yake rubutawa? A falo kaɗai littafin yake kwana.

Sau uku ya sake rubuta sakin layin. A na farko ya rubuta "abokin aikina ba ya nan", ya ga duk wanda ya buɗe rajista zai gane. A na biyu ya cire abokin gaba ɗaya, sai ya ga ya mai da kansa gwarzo, alhali shi ma ya sa hannun ƙarya. A na uku ya rubuta laifinsa kawai: "Na sa hannu a kan abin da ban duba ba, shi ya sa na rufe ruwan gari." Ya rage labarin laka don ya samu wuri. Ya ƙirga, ɗari shida da casa'in.

Injiniya ne ya buga masa a kwamfuta. Da ya iso kan sakin layin sai yatsunsa suka tsaya.

"Baba, wannan dole ne?"

"Akwai sunan wani a ciki?"

"Babu. Amma mutum biyu ake sa wa aiki, kowa ya sani. Wa ka sa wa hannu? Aljani?"

"Ni ma ina tsoro, kada ka ɗauka ba na yi. Amma in na cire shi, sauran duk hira ce."

"To ka bari a sa min hannu tukuna."

"Mujalla ba za ta jira ba."

Injiniya ya koma kan kwamfuta. Ya gama bugawa, ya sa a ambulan, ya ce zai miƙa wa Sakatariya da safe tunda hanyarsa ce.

Ranar walimar sallama aka raba mujallar. Baba Famfo ya buɗe a kan cinyarsa tun ana jawabi. Ga ranar farko, ga laka, ga auna alam, sai hotonsa ƙato ya cike rabin shafi na biyu. Na huɗun babu shi.

Ya tare Sakatariya wajen teburin lemo. Ta ce ita abin da ya iso hannunta shi ta aika, amma komai sai ya bi ta teburin Manaja kafin a buga, kuma wani lokaci masu bugawa kan yanke rubutu don hoto ya shiga. Manaja ya rungume shi a gaban jama'a ya ce rubutun ya yi kyau ƙwarai. Injiniya yana can baya yana jera kujeru, bai ɗago ba.

Bayan kwana tara takardar tabbatar da aiki ta fito. Matarsa ta yi guɗa, Baba Famfo ya sa wa ɗansa albarka da zuciya ɗaya. Sau biyu ya buɗe baki zai tambaye shi ko ambulan ɗin da ya karɓa shi ya miƙa, sau biyu ya fasa. Har yau bai san ko a ofis aka cire sakin layin ba, ko a wurin bugawa, ko tun a falonsa.