Katan Ɗin Tumatir na Ganhi

Labiba tana kasuwa wajen sayen kifi lokacin da ɗan zem, mai babur ɗin haya, ya sauke katan ɗin tumatirin gwangwani a ƙofar gidansu da ke Zongo. Mahaifiyarta, Hajiya Zaituna, ita ta karɓa. Ta ba shi ruwan sanyi, ta kuma damƙa masa tukuici, don a wajenta duk abin da ya shigo gida da sunan kyauta ba a barin ɗan aike ya koma hannu rabbana. Kafin Labiba ta dawo an fasa katan, an kai wa matan layi gwangwani bibbiyu, har da matar liman. Abin da ya rage bai cika kwano ba.

Labiba girki take ɗauka a waya tana sa wa a TikTok da Instagram. Matan Zongo da na Parakou da na Yamai suna bin ta saboda miyarta da kuma bakinta, wanda ba ya raga wa mai ƙona albasa. Da wannan aikin take sayen gas da data da kayan miya, amma a idon Hajiya har yanzu wasan waya ne mai ɗan albarka.

Da la'asar saƙo ya shigo daga wani Wassiou, mai kula da tallan kamfanin da ke shigo da tumatirin, can unguwar Ganhi. Ya yabi girkinta sosai, sannan ya ce suna son bidiyo ɗaya da tumatirinsu, su ma za su sa a shafinsu duniya ta san ta. Maganar kuɗi kuwa ko kusa da ita bai je ba. A ƙarshe ya ƙara da cewa sun ji daɗi da Hajiya ta karɓi kayan hannu bibbiyu, har da tukuici.

Wannan layin ne ya ɓata wa Labiba rai, don ta gane wayon. Da ofishinsu suka kira ta, da ta faɗi farashinta an wuce wurin, shi ya sa suka biyo ta gida. Ta kuma san kamfanonin nan bakinsu ɗaya: in ta yi wa wannan kyauta, gobe mai madara da mai shinkafa katan za su aiko, ita kuma mai gas ba ya karɓar gwangwani.

Ta zauna a tsakar gida ta rubuta amsa da Faransanci, a sanyaye. Ta gode da yabo da kuma tunawa da ita. Ta ce ba ta yin talla a musayar kaya, amma tana son aiki da su bisa waɗannan sharuɗɗa: bidiyo ɗaya da bai wuce minti ɗaya ba, a shafukanta biyu, jaka ɗari da ashirin na sefa. Rabi kafin ta ɗora tukunya, rabi ranar da za ta sa shi. Za su gani kafin ya fita, su nemi gyara sau ɗaya. Za ta rubuta a jikinsa cewa talla ne, don masu bin ta su sani. Suna iya sa shi a nasu shafin wata uku, amma in za su biya a yaɗa shi ko su hana ta tallan wani tumatir, wannan kuɗinsa daban. Za ta ba su faktir, takardar neman biya, mai lambar harajinta.

Saura layi ɗaya, kan katan. Ta so ta ce kayan suna nan, in ba a daidaita ba su aiko a ɗauka. Sai dai kayan ba su nan, wasu ma sun riga sun shiga miya.

Ta karanta wa Hajiya takardar tana juyawa da Hausa. Hajiya ta saurara har ƙarshe tana ninke mayafan da take sayarwa, sannan ta ce abin kunya ne a ci kayan mutane a bi su da farashi. Ta ce ita ta karɓa, ita ta raba, matar liman ma ta yi wa masu kamfanin addu'a, yanzu da wane ido za ta fita.

"Inna, su ba kyauta suka aiko ba. Kuɗin aiki ne suka biya da tumatir, kuma ba su tambaye ni ba," in ji Labiba.

"Bidiyon minti ɗaya ne fa, Labiba."

"Minti ɗaya suke gani. Ni yini nake yi a kansa."

Hajiya ta kwashe mayafanta ta shiga ɗaki. Labiba ta bar takardar a waya ba ta aika ba. Ranta ya yi nauyi, don ba ta taɓa sa uwarta jin kunya a layi ba, kuma ba ta so ta fara a kan tumatir. Har ta fara tunanin yadda za ta yi bidiyon a gurguje ta huta.

Washegari da hantsi Hajiya ta yafa mayafi ta fita ba ta ce ga inda za ta ba. Bayan azahar ɗan zem ya sauke ta da buhu a cinya. Har unguwar Gbégamey ta je, inda ba wanda ya san ta, ta sayi tumatirin iri ɗaya da kuɗin mayafanta. Ta jera shi a katan ɗin da kanta, ta ɗaure da igiya, ta tura shi bakin ƙofar Labiba da ƙafa.

"Abin da na raba ya zama kayana yanzu," in ji ta. "Ki rubuta musu abin da kike so."

Labiba ta tsaya tana kallon katan, kunya da tausayi suka kama ta. Ta ce za ta mayar mata da kuɗin, Hajiya ta ce ba ta tambaye ta ba. Sai Labiba ta ƙara layin da ya rage, ta sake karantawa, ta aika.

Amsar Wassiou ta zo bayan 'yan kwanaki, gajeriya kuma cikin ladabi. Ya ce sun fahimta, amma bana ba a ware kuɗin irin wannan tallan ba, in ta rage zuwa rabi ta kuma bar musu bidiyon har abada, wataƙila ya shawo kan mai gidansa. Labiba ta amsa cewa tana iya rage kuɗin in sun yarda da shafi ɗaya kawai, amma bidiyon ba ta sayar da shi har abada. Daga nan sai shiru, sannan ɗan aikensu ya zo ɗaukar katan.

Ya zo ne da yamma, lokacin da matan layi ke zaune a ƙofofinsu. Kowa ya ga katan ya fito daga gidan Hajiya Zaituna ya hau bayan babur, kuma ba wadda ta kasa gane shi. Labiba ta so ta fita da kanta, Hajiya ta riga ta. Ta tsaya a ƙofa kanta a sama, ta gaisa da matar liman, ta jira har babur ya sha kwana.

Da ta shigo ta zauna a kan tabarma ta daɗe tana murza gwiwa. Can ta tambayi Labiba ko kuɗin da ta sa ya yi yawa ne. Labiba ta ce a'a, abin da aikin ke ci ke nan.

"To in sun dawo, kada ki rage," in ji Hajiya. Ta miƙa hannu a ba ta ruwa.