Sunan da Ya Ƙi Fitowa a Bakin Lurwanu

Ranar da manoman gyaɗa na Burumburum suka kafa jam'iyyarsu ta gama kai, a kakar 1957, babu wanda ya kai Lurwanu shan ƙamshi. Shekararsa arba'in da ɗoriya, bara-bara ya gama ajin Yaƙi da Jahilci, ga shi yau an miƙa masa alƙalami da sabon littafi an ce ya rubuta abin da taro ya zartar. Ya baza babbar riga a rumfar ajin, ya gyara zama kamar alƙali.

Malam Inuwa, malamin gama kai da ya zo daga Kano a kan keke mai inji, ya faɗa musu tun farko. Da kwafin wannan rubutu zai koma yau, a haɗa da takardar neman rajista. In rubutu ya gurgunce, babu rajista, sai wata zuwan, gyaɗar bana kuwa ta wuce hannun 'yan baranda kamar kullum.

Lurwanu ya sa kwanan wata da wurin taro. Mutum ashirin da uku suka hallara, kowa ya dangwala yatsa a takardar halarta da Malam Inuwa ya cika. Aka karanta dokokin jam'iyya ɗaya bayan ɗaya, aka ɗan ja a kan ta tara, mai cewa ƙuri'a ɗaya ce ga kowa, ko gonarsa ta kai daga nan har Tudun Wada. Habu ya kawo shawarar a karɓe su, Uba ya goyi baya, hannu ashirin da uku suka tashi. Duk ya rubuta, harafi na bin harafi tiryan-tiryan.

Sai zaɓen masu riƙon ƙwarya, waɗanda za su riƙe jam'iyya har rajista ta fito a yi babban taro. Sani ya zama ma'aji. Lurwanu ya zama magatakarda, ya rubuta sunansa da kansa, daɗi kamar ya kashe shi. Shugaba kuwa, babu ko hamayya, aka ba dattijon da ya shekara biyu yana bin gida-gida a kan maganar nan. Matsalar ita ce dattijon nan mahaifin Zuwaira ne, matar Lurwanu. Shekara ashirin da aure, sunan nan bai taɓa ratsa leɓensa ba.

Malam Inuwa ya ce a karanta wa jama'a kafin a sa hannu. Lurwanu ya miƙe, ya yi ta zubowa har ya zo ƙarshe.

"Shugaban riƙo, Baba."

"Wane Baba?" in ji Malam Inuwa.

"Baba dai. Ga shi nan zaune."

Rumfa ta ɗauki dariya. Malam Inuwa bai yi ba. "A Kaduna za a duba takardar nan, Malam Lurwanu. Can ba su san babanka ba. Ka sa cikakken suna, ka karanta jama'a su shaida. In da nauyi, ba wani alƙalamin."

Wa za a ba? Duk rumfar, ban da baƙo, shi kaɗai ya iya boko. Kuma ko da akwai wani, wallahi da ya saki alƙalamin nan gara ya saki gonarsa ta fadama. Ya soke kalmar da layi ɗaya, yadda aka koya masa, ya rubuta sunan a samanta. Hannu bai yi gardama ba. Baki ne ya ƙi. Ya tsaya gumi na bin wuyansa, idonsa a kan tabarma. Uba, wanda ya goyi bayan Habu ɗazu, ya yi tayin faɗin sunan a madadinsa, dattijo ya ɗaga masa hannu.

"Lurwanu," in ji shi a hankali, "ɗazu ka karanta mana cewa a nan kowa ɗaya ne. Ni na ɗaga hannu, kai ma na ga naka. In mun koma gida, ka durƙusa mini yadda ka saba, ba zan hana ka ba. Amma na yi shekara sittin da takwas ban taɓa jin an karanto sunana daga takarda ba. Ina so in ji, kuma daga bakin namu."

Babu wanda ya sake yin dariya. Lurwanu ya ji kunya, ya kuma ji wani alfahari da ya fi ƙarfin kunyar. Ya zare takalmansa, ya rusuna kaɗan, ya ɗaga littafin da hannu biyu.

"Shugaban riƙo na Jam'iyyar Gama Kai ta Manoman Gyaɗa, Burumburum: Malam Abdussalami ɗan Shitu."

Dattijo ya gyara rawaninsa, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Na'am," ya ce. "Kawo in dangwala."