Buhunan Ajiya

Ruwan farko ya sauka a Gwarzo ranar Lahadi. Washegari da safe kuma takin yuriya ne ya faɗo a ƙidaya.

Alhaji Ƙasim ba ya jiran ƙarshen shekara kafin a ƙirga siton takinsa. Kowane mako sai a ɗauki kaya iri ɗaya a ƙirga, a gwada da abin da littafin kaya ya ce, mako na gaba a koma kan wani, a haka har a zagayo. Don wannan aikin ya ɗauki Hajaratu bayan ta gama bautar ƙasa. Dokar da ya kafa mata ita ce kada ta buɗe littafi sai ta gama ƙirga da idonta, don kada hannu ya bi lambar da aka riga aka sani.

Ta ƙirga buhunan da ke shimfiɗa ɗaya, ta ƙirga hawa nawa ne, sannan ta sa aka kawo tsani ta leƙa saman tarin ko akwai rami a tsakiya. Babu. Ta rubuta ɗari biyu da arba'in.

Malam Nata'ala, mai riƙe da mukullin sito, yana tsaye a bayanta rungume da littafin. Dattijo ne, abokin mahaifinta, shi ma ya yi mata hanyar aikin. Ya buɗe shafin yuriya, ya bi da yatsa.

"Ɗari biyu da arba'in cif. Alhamdu lillahi." Ya saki numfashi. "Sa hannu, 'yata, in buɗe ƙofa. Mutane sun taru."

Ba banza ya saki numfashin ba. Bara an sallami mai siton Alhaji na Kabo kan buhu goma sha biyu, kuma har yau idan mutumin ya shiga kasuwa ana nuna shi da baki. A gaban kowa Alhaji ya ce duk wanda kaya ya sake ɓata a hannunsa, ya ajiye mukulli.

Hajaratu ta cire murfin biro ke nan wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofa. Wata tsohuwa ta sauko tana gyara mayafi.

"Nata'ala, ka kwana lafiya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Inna Gwamma. Ya mutan Getso?"

"Suna nan suna zagina, wai na bar musu taki a Gwarzo kamar ni zan cinye. Ajiyarmu na zo ɗauka. Ashirin da biyar."

Malam Nata'ala ya juya ya dubi lungun da ke bayan ƙofa. Ba komai a wurin sai katako da danshi. Hajaratu ta ga kunnensa ya motsa.

"Baba, wace ajiya ce?" ta tambaya a hankali.

Ya yi mata bayani ba tare da ya dube ta ba. Ƙungiyar matan Getso ta sayi yuriya tun da rani, lokacin da take da sauƙi, suka biya, aka ba su rasit, aka cire a littafi. Amma ba su da inda za su sa, sai ya ce su bar ta nan har damina. Haka yake yi wa manoma da yawa. A lungun nan yake jera kayan. Jiya da kwano ya fara yoyo ta wajen, ya sa 'yan dako suka kwashe suka ɗora a babban tari.

Hajaratu ta zagaya ta bayan tarin, ta matse tsakaninsa da bango. A kan wasu buhuna akwai alamar shuɗin fenti. Ta ƙirga su. Ashirin da biyar ne, kuma duk ta sa su a cikin ɗari biyu da arba'in ɗinta.

Ta fito tana kaɗe hijabi. "Baba, namu ɗari biyu da sha biyar ne ke nan."

"Ki yi a hankali mana." Ya jawo ta gefe, nesa da kunnen 'yan dako. "Kin ƙirga, ya yi daidai da littafi. Ƙarya kika yi? Abin da kika gani kika rubuta. Ki sa hannu. Kafin yuriya ta sake zagayowa zan gano inda suka shiga."

"In ba a gano ba fa?"

"Sai in nemo in cike."

Ta tsaya tana murza biro. Ba ta iya jayayya da manya ba, tun tana ƙarama murya ke maƙale mata. Amma ta san yau ne takardun fita da shiga suke da ɗumi, 'yan dako ma suna tune da abin da suka ɗauka. Bayan wata guda ba wanda zai tuna komai, sai dai a tarar da gibi da sa hannunta a ƙarƙashin lambar ƙarya.

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan iya ba."

"Hajaratu. Ni?"

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ja layi ɗaya a kan lambar farko yadda za a iya karanta ta, ta rubuta sabuwar a gefe da dalili.

"To ni fa?" in ji Gwamma daga ƙofa. "Ko sai gero ya yi kai za a ba ni?"

"Inna, ki ɗan zauna. Ba abin da zai fita daga tarin nan sai an sake ƙirgawa."

"Ikon Allah. Kayana, rasit ɗina, ƙaramar yarinya ta sa min dokar hana fita."

Kafin a gama ware buhuna masu fenti, motar Alhaji Ƙasim ta shigo. Wani ya riga ya kira shi. Bai amsa gaisuwar kowa ba sosai. Ya karɓi takardar, ya karanta, ya sa wani ɗan dako ya sake ƙirgawa a gabansa. Ɗari biyu da sha biyar. Ya duba rasit ɗin Gwamma, ya ce a loda mata kayanta. Sannan ya miƙa wa Malam Nata'ala hannu.

"Mukulli."

Dattijon ya fara laluben aljihu. Mukullan suka maƙale a zare.

"Ranka ya daɗe," in ji Hajaratu. Muryarta ta fito siririya, sai da ta maimaita. "Ranka ya daɗe, ba a bi takardu ba tukuna."

"To bi. Ina nan." Ya karɓi mukullan ya sa a aljihunsa, ya zauna a kan benci.

Ta baje rasit na sayarwa da takardun karɓar kaya tun daga ƙidayar yuriya ta baya, tana bin su ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ba a shigar ba, ko wanda aka shigar sau biyu. Duk sun shiga daidai. Ta tambaya ko akwai buhunan da suka yage aka juye. Babu. Saura takarda guda, ta kayan da aka tura siton Kabo, kuma ba ta yuriya ba ce. Takin kamfa ne, buhu ashirin.

Ta ɗaga kai ta dubi tarin kamfa. Kamfani ɗaya ne ya yi su da yuriyar, buhunan duk farare, bambancin sai rubutu da launin zanen gefe. Kuma tarin yuriya ne ya fi kusa da ƙofa.

"Baba, wa ya tsaya a kan lodin Kabo?"

Malam Nata'ala ya ce, "Na rubuta takarda, sai aka aiko an yi rasuwa a Madadi. Na ce da yara su loda, na tafi jana'iza."

"Ka tafi ka bar sito a buɗe," in ji Alhaji.

"Direba yana nan, ranka ya daɗe."

"Direba!"

Hajaratu ta nemi izinin ƙirga kamfa, duk da ba makonta ba ne. Ta fara tabbatar da cewa babu ajiyar kowa a ciki. Ta ƙirga ɗari uku da talatin. Aka buɗe littafi: ɗari uku da goma.

"Rarar ashirin," ta ce. "Wataƙila yuriya aka loda a maimakon kamfa. Amma sai an ga na Kabo."

Malam Nata'ala ya zaro waya zai kira Zayyad, sabon mai siton can. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka kira kowa. Ku shiga mota."

Suka kama hanyar Kabo. Gonaki sun cika da masu shuka. Malam Nata'ala yana gaba, hularsa a kan gwiwa, Hajaratu tana kallon ƙeyarsa. Idan ba a sami buhunan can ba, ita ce ta kai shi ga wannan.

Zayyad ya taso da fara'a, fara'ar ta tsaya da ya ga fuskar Alhaji. Aka tsayar da ciniki. Hajaratu ta bi tarin kamfa tana duba gefen kowane buhu. Hawa na sama duk kamfa ne. Na biyu ma haka. Sai a ƙasa, ta bango, launin zanen ya canja.

Aka sauke. Yuriya ce, buhu ashirin. Ta ƙirga kayan iri biyun ta gwada da littafin Zayyad: kamfarsa ta gaza da ashirin, yuriyarsa ta ƙaru da ashirin.

"Kai kuma me ka karɓa ka sa hannu?" Alhaji ya tambaye shi.

"Wallahi ashirin na ƙirga, Alhaji."

"Ashirin na me? Da yashi aka kawo ma ashirin ne."

Ya juyo wajen Hajaratu. "Saura biyar."

"Ban san inda suke ba, ranka ya daɗe."

"Nata'ala?"

"Allah ya sani ban sani ba."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Hannunsa yana cikin aljihun da mukullan suke.

"Ke me za ki rubuta?"

Hajaratu ta ce, "A soke takardar kamfa, a rubuta ta yuriya, littattafan biyu su daidaita. Biyar ɗin a rubuta su gibi ne da ba a gano ba, a ci gaba da nema. Ba za a taɓa lambar littafi ba sai ka sa hannu."

Ta rubuta a kan gwiwarta. Alhaji ya karanta har ƙarshe, ya sa hannu. Sannan ya zaro mukullan ya riƙe su.

"Da ashirin da biyar ne, Nata'ala, da yau ka kwana ba aiki. Biyar ɗin ma ban manta ba. Duk mako za a ƙirga yuriya har sai na gamsu. Kuma ajiyar nan ta ƙare. Duk mai buhu a sitona ya zo ya kwashe kafin Juma'a. Kai za ka gaya musu da bakinka."

"Alhaji, wasunsu ɗaki ɗaya gare su. Taki da yara..."

"Mukulli kake so, ko ajiya?"

Malam Nata'ala ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

A hanyar komawa Alhaji ya tsaya shan mai, ya fita yana waya. Ya rage su biyu a motar.

"Baba," in ji Hajaratu.

Bai juyo ba. Yana lissafa sunaye da yatsunsa, na mutanen da zai je ya sallama.

"Ki gaida mahaifinki," ya ce.